Layi Ɗaya Game da Shekara ta Uku

Hukumar da ke ba da tallafin karatun digiri na biyu ta nemi wasiƙun shaida guda biyu, ɗaya daga wurin aiki, ɗaya daga malamin jami'a da ya koyar da mai nema. Ta kuma sa iyakar shekaru: talatin da biyar. Ƙarama za ta haura su kafin a sake buɗe shafin neman tallafin baɗi. Bana ce ko babu.

Ta wurin aiki ba ta ba ta wahala ba. A kamfanin ruwan gora inda take gwada ruwa kafin a fitar da shi kasuwa, Manaja ya rubuta tasa tsakanin waya biyu, ya tura, sannan ya leƙo ɗakin gwaji ya ce ya yabe ta har ya ji tsoron za ta nemi ƙarin albashi. Dogo, mai kula da injinan cika gora, yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran ta sa hannu ya saki kayan jiya.

"Anti Likita, in kin tafi wa zai riƙa tsare mana kaya? Wallahi da hannuna zan kai ki tasha."

"Farantin gwajin ƙwayoyin cuta bai cika awanninsa ba, Dogo. Ka dawo da la'asar."

"Ka ji ta ko? Ƙwayar cutar ma sai ta gama barcinta."

Ɗaya wasiƙar ba ta taɓa sa ta cikin lissafin damuwa ba, domin akwai Farfesa. Shi ya duba aikin bincikenta na kammala digiri, a kan ruwan rijiyoyin unguwanni, shi kuma ya raɗa mata sunan da ya bi ta har gidan aure. Ɗalibai biyu ne masu suna ɗaya a ƙarƙashinsa a shekarar, sai ya raba su, Babba da Ƙarama. Shekara tara ke nan da ta bar jami'a. Takan tura masa gaisuwa jifa-jifa, yakan amsa da kalma uku ko huɗu. Tun bara ya daina amsawa, ta ɗauka aiki ne.

Ta nemi izinin rabin yini ta tafi sashen. An yi wa barandar sabon fenti, amma warin abincin ƙwayoyin cuta da ake dafawa a ɗakin gwaji na ƙasa yana nan yadda ta bar shi. A ƙofar ofishin Farfesa sunan wani ne. Sakatariyar sashen, wadda ɗalibai ke kira Anti tun zamanin su Ƙarama, ta sauke tabarau ta dube ta.

"Ba ki ji ba? Ai ya yi ritaya, bai rufa wata huɗu ba ɓarin jikinsa ya shanye. Yana gida."

"Yana magana?"

"Je ki gaishe shi," in ji Anti. "Zai ji daɗi."

Gidan yana bayan wata makarantar firamare, a layin da mota ba ta shiga sai da dabara. Matar Farfesa ce ta buɗe. An mayar da falon ɗakin kwana, an tura kujeru jikin bango, an kawo gadon asibiti an ajiye inda tebur yake a da. Farfesa na zaune a keken guragu ta wajen taga, an rufe masa ƙafafu da bargo. Hannunsa na dama na kwance a cinyarsa kamar an ba shi ajiya.

Ya gane ta nan take. Fuskarsa ta motsa ta gefe ɗaya, ya ɗaga hannun hagu ya nuna tsawon mutum gajere.

"Ya ce Ƙarama," in ji matar. "Zauna, 'yata."

Kalma ɗaya ta rage masa, "to", da ita yake komai. Ƙarama ta ba shi labarin tallafin, da kwas ɗin tsaftar ruwan sha da take nema, ya ce to, to, yana buga hannun kujera. Da ta zo kan wasiƙa sai ta rage murya, ta juya wajen matar.

"Mama, ko zai iya sa hannu in an rubuta?"

"Sa hannu da me? Ko sunansa aka nuna masa a takarda sai ya ɗauke kai. Ya san abin da yake so ya faɗa, hanyar ce ta toshe. Kuma ni ba zan bari a sa masa magana a baki ba, ko ta alheri ce." Ta gyara masa bargon. "Jami'a ma ta rufe imel ɗinsa. Ke ce ta uku da ta zo a kan wannan."

Farfesa ya bi bakinsu da ido. Ya buɗe nasa, ya yi ta kokawa, jijiyar wuyansa ta tashi, daga ƙarshe abin da ya fito shi ne "to". Ya kawar da kai wajen taga. Ƙarama ta ƙara zama kaɗan don kada ya zama wasiƙar kaɗai ta kawo ta, ta sha ruwan da aka ba ta, ta yi sallama.

Cikin malaman da suka koyar da ita, wasu sun koma wasu jami'o'in, biyu sun rasu. Wanda ya rage a sashen shi ne Dakta, wanda a lokacinsu ƙaramin malami ne mai yawo da jakar baya, yanzu kuma shi ne shugaban sashe. Kwas ɗaya ya koyar da su, a shekara ta uku, a aji mai mutum sama da ɗari biyu. Anti ta ba ta adireshin imel ɗinsa na jami'a, ta ƙara da shawara kyauta.

"Kada ki je masa hannu rabbana. Wannan mutumin wasiƙu goma sha wani abu ke jiransa kullum. Wanda ya kawo komai a haɗe shi yake fara sallama."

Ƙarama ta haɗa komai a haɗe. A teburin cin abinci, bayan ta ture littattafan ɗanta na aji biyu gefe, ta jera takardar sakamakonta ta shekara huɗu, da takardar tarihin aikinta, da taƙaitaccen bayanin bincikenta na rijiyoyi, da bayanin da ta rubuta wa hukumar na dalilin neman karatun. A sama ta ɗora shafi ɗaya: cikakken sunanta da lambarta ta ɗaliba, shekarar shiga da ta fita, sunan kwas ɗin da ya koyar da ita, abubuwa uku da hukumar ta ce tana dubawa a wurin mai nema, ranar rufewa da manyan baƙaƙe, da bayanin cewa saƙo zai zo masa daga shafin hukumar, zai cike fom, ya ɗora wasiƙa a takarda mai tambarin jami'a. Ta tuna cewa yana cikin malamai ukun da suka zauna ranar da ta kare bincikenta, ta rubuta wannan ma.

Mijinta, mai gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, ya tsaya a kanta yana goge hannu da tsumma.

"Wannan ai kin rubuta masa wasiƙar. Saura ya hura mata iska."

"Haka ake yi."

"Ni in kwastoma ya kawo mini firiji da bayani haka, rabin kuɗi zan karɓa."

Ta tura wa Dakta imel, gajere, ta ce ko zai iya rubuta mata wasiƙa mai ƙarfi, in kuma bai ga ya san ta yadda zai iya ba, za ta fahimta. Saura fiye da wata guda a rufe. Ya amsa bayan kwana biyu da layi ɗaya: ta zo ofis ranar Laraba bayan lacca.

Ofishin shugaban sashe ya fi na Farfesa girma, amma babu wurin ajiye kofi. Dakta ya yi ƙiba, furfura ta fara masa a gemu. Ya buga takardunta ya ja layi a wasu wurare da jan biro.

"Malama, zan fara da gaskiya. Ban tuna ki ba."

"Na sani, Dakta."

"Amma kin sauƙaƙa mini. Da kowa zai yi haka da na ƙara shekara goma a duniya. Jiya wani ya turo mini saƙo, wai, ina buƙatar wasiƙa gobe, ɗalibinka. Ko suna babu." Ya jawo wani tsohon fayil. "Na sa Anti ta tono mini takardar makin ranar da kika kare bincike. Ga rubutuna, na ba ki maki mai kyau, har na rubuta cewa a gyara aikin a buga shi. An buga?"

"Ba a buga ba."

"To. Wannan zan iya faɗa da bakina, tunda ni na rubuta. Fom ɗinsu zai tambaye ni tsawon sanina da ke da kuma ta wace hanya. Zan ce na koyar da ke kwas ɗaya, na zauna a kan bincikenki. Ba zan ce na san ki shekara goma ba. Zai kuma ce in sa ki a sahu, cikin kashi biyar na sama, ko goma, ko ashirin da biyar, a ɗaliban da na koyar. A nan muke da matsala."

Ya juyo da takardar sakamakon wajenta, ya sa bakin biro a tsakiya.

"Shekara ta ɗaya, lafiya. Ta biyu, lafiya ƙalau. Ta huɗu, kin fi kowace. Ta uku kuwa kamar wata ce ta zauna miki jarrabawa. Kin faɗi kwas biyu, ɗaya nawa ne. Kin maimaita kin ci da kyau, na gani. Amma kwamitin da zai karanta takardun mutum dubu, idonsa nan zai fara sauka. Kuma malamin da ke ba da shaidarki shi ne wanda kika faɗi kwas ɗinsa. Kin ba ni komai, har lambar wayar Manajanku, ba ki ce uffan a kan wannan ba. Me ya faru?"

Ƙarama ta dubi jan layin.

"Rashin lafiya ce a gida."

"Taki?"

"A'a."

Ya jira. Wani ɗalibi ya ƙwanƙwasa ya leƙo, Dakta ya ɗaga masa hannu ya koma.

"Ba gulma nake nema ba, Malama. Rami ne a takardarki. In ban ce komai ba, su za su cike shi da abin da suka ga dama, yawanci lalaci. In na san dalili, in faɗe shi, ramin ya zama shaida cewa kin faɗi kin tashi. Amma ba na rubuta abin da ba a gaya mini ba. Farfesa ya sani?"

"Ya sani."

"Shi ya sa kike son tasa." Ya rufe fayil ɗin. "Ki yi tunani. In kin ga za ki iya, ki rubuto mini, ko da layi uku ne. In ba za ki iya ba zan rubuta da abin da ke hannuna. Ki sa sunana a shafin yau, da imel ɗin jami'a, kada ki sa na kaina, ba za su karɓa ba. Akwai wurin da za su tambaye ki ko kin yafe haƙƙin ganin wasiƙar. Ki yafe. Wasiƙar da mai ita zai iya karantawa ba ta da nauyi a wurinsu."

Abin da ya faru a shekara ta uku ba sirri ba ne. Dangi sun sani, tsofaffin maƙwabta sun sani. 'Yarsu ta fari ce, tana da shekara ɗaya da 'yan watanni, gudawa da amai suka kama ta ana saura mako biyu jarrabawa, aka kwantar da ita, aka sallame ta, abin ya dawo, ta rasu a hanyar komawa asibiti. Ƙarama ta zauna jarrabawar don an ce mata zaman gida zai fi yi mata illa. A lokacin suna haya a gidan da kowa ke ɗiba daga rijiya ɗaya. Ba wanda ya taɓa gwada ruwan, likita ma bai ce shi ne ba. Da aka shiga shekara ta huɗu, Farfesa, wanda ya je musu gaisuwa, ya miƙa mata taken bincike a kan rijiyoyi bai ce komai ba, ita ma ba ta ce ba. A bayanin da ta rubuta wa hukumar ta yi maganar alƙaluma da unguwannin da ba su da famfo. Ba ta sa yarinyar ba.

Ita da mijinta ba sa zancen. Ba yarjejeniya suka yi ba, haka dai ya zama.

Ta gaya masa abin da Dakta ya ce ranar Asabar da hantsi, yana tsugune a tsakar gida ya kwance bayan wata firiza, ɗansu ya tafi gidan kakarsa.

"To ki rubuta mana," in ji shi, bai ɗago ba.

"In rubuta me?"

"Abin da ya faru. Ƙarya za ki yi?"

"In ɗauke ta in kai wa mutanen da ban sani ba, su ɗora ta a sikeli da ta wani? Wannan mahaifinsa ya rasu, maki uku. Wannan 'yarta, maki biyar."

"Ba haka mutumin ya ce ba."

"Haka ne, ko bai faɗa ba."

Ya ajiye sukundireba. "Ƙarama, shekara nawa kina cewa da kin samu hanya? Ga hanya. Ni na ce zan riƙe yaron, Inna ta ce za ta dawo nan ta zauna. Kowa ya ba da nasa. Ita yarinyar ba abin da zai ƙara samunta. Ke ce za ki tsufa kina wanke kwalabe a kamfanin mutane."

"Ba wanke kwalabe nake ba."

"Kin san abin da nake nufi."

"Kai ko sunanta ba ka iya faɗa."

Ya dube ta, ya ɗauki sukundirebarsa, ya mayar da kai cikin firizar. Ta ji yana juya ƙusa ɗaya, wadda ta tabbata ta riga ta kwance.

Mako guda ta yi ba ta rubuta ba. A shafin hukumar, gaban sunan Manaja an sa "an karɓa", gaban na Dakta "ana jira". Ta rubuta bayanin ne a wurin aiki, lokacin hutun rana, tana jiran tukunyar kashe ƙwayoyin cuta ta huce. Layi uku ta yi niyya. Ta fara da watan da abin ya faru da kwasa-kwasan da ya shafa, kamar rahoton gwaji. Daga nan hannunta ya ci gaba. Ta rubuta yadda yarinyar ke tafiya tana dafa bango, da kalmomin da ta iya, da gadon asibitin da suka raba da wani jariri, da littafin kwas ɗin Dakta da ta riƙa buɗewa a gefen gadon ba ta ganin komai, da motar hayar da ba ta kai su a kan lokaci ba. Ya cika shafi. Ta san ya wuce abin da aka nema. Ta kuma san in ta tsaya gyara ba za ta tura ba, saboda haka ta ɗauki hotonsa da waya ta tura yadda yake.

Dogo ya leƙo. Ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya ga fuskarta, ya ce zai dawo.

Dakta ya amsa da yamma: "Na gani. Allah ya jiƙanta. Na gode da kika yarda da ni."

Bayan nan shiru. Mako ya wuce, wani ya bi, shafin na cewa "ana jira". Ƙarama ta rubuta saƙon tuni ta goge har sau uku, tana jin nauyin a ce ta matsa wa babba lamba bayan ya yi mata alkawari. Ana saura mako ɗaya ta kira Anti.

"Ke ma dai! Tuna masa za ki yi, ba zaginsa ba. Bari in leƙa."

Ashe saƙon hukumar bai taɓa isa gabansa ba, ya faɗa akwatin tarkacen imel, shi kuma yana zaune yana jira a turo. Wasiƙar na rubuce tun tuni. Anti ta tsaya a kansa har ya nemo saƙon, ya cike fom, ya ɗora. Kafin Ƙarama ta sauka daga motar gida, gaban sunansa ya koma "an karɓa". Ta tura masa godiya. Daga nan babu abin da ya rage a hannunta.

Watannin jira ta yi su kamar kowa. Ta sabunta fasfo. Ta koya wa sabuwar ma'aikaciya yadda ake ɗaukar samfur daga tanki ba tare da hannu ya taɓa bakin kwalba ba. Wani lokaci, tana ƙirga ɗigon ƙwayoyi a faranti, sai ta tuna cewa a wani ɗaki da ba ta sani ba wasu mutane sun karanta labarin gadon asibitin, wataƙila suna shan shayi, sun juya shafi.

Amsar ta zo da safiyar wata Talata. Sakin layi biyu ne. Masu nema sun yi yawa, an yaba da ƙoƙarinta, ba ta cikin waɗanda za a kira ganawa, hukumar ba ta bayar da dalili ga ɗaiɗaikun mutane. Ta karanta, ta sa wayar a aljihun farar rigarta, ta ƙarasa gwajin sinadarin kashe ƙwayoyi na tanki na biyu, ta rubuta sakamakon, ta sa hannu.

Wanda ya rubuta wa mutum wasiƙa yana da haƙƙin jin yadda ta kaya. Tana iya tura saƙo, amma ta je da kanta. Dakta na duba takardun jarrabawa, ya ture su.

"Kai. Ban ji daɗi ba. Wallahi na sa rai." Ya shafa gemu. "Irin wannan, mutum ɗari na neman kujera ɗaya, ba a sanin abin da ya raba. Akwai wasu wuraren da ba su da iyakar shekaru, sai dai yawancinsu rabin kuɗi suke biya. Wasiƙar na nan a kwamfuta, duk inda kika ce in tura, in gyara kanta in tura."

"Na gode, Dakta. Rabin kuɗi ba zai yiwu mana ba."

Ta miƙe, ta sake zama.

"Na san na yafe ganinta. Ba duka nake so ba. Wurin shekara ta uku kawai."

Ya juya ga kwamfutar, ya nemo, ya karanta mata. Layi ɗaya ne. Ya ce raunin sakamakon shekara ta uku ya zo daidai da rasuwa da aka yi a iyalinta na kusa ana dab da jarrabawa, kuma sakamakon shekarar da ta biyo shi ne ma'aunin da ya dace a auna ta da shi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Na fara rubuta sakin layi guda, da asibitin da komai. Na karanta na ga ba nawa ba ne da zan bayar. Abin da kwamiti ke buƙata dalili ne, na ba su dalili." Ya buɗe aljihun tebur ya ciro takarda a ninke. "Na buga shi don in karanta da kyau. Na goge na cikin imel. Wannan naki ne."

Ta karɓa. Tambaya ta zo mata har baki, ko da ya sa sakin layin da an kira ta. Ta ga shi ma tambayar na zaune a fuskarsa, kuma ba shi da amsarta. Ta yi masa godiya, ta gaishe da Anti a hanya, ta fita.

A motar haya ta zauna ta wajen taga da jakarta a cinya. Watanni ta yi tana jin ciwon cewa baƙi sun karanta 'yarta. Yanzu ta san ba wanda ya karanta sai mutum ɗaya, kuma wannan ma bai yi mata daɗi ba. Ta rasa wanne ya fi.

Ta tarar da mijinta a falo, ya dawo da wuri, yana cin abinci a tsaye kamar yadda ya saba. Tun ranar Talata ya san amsar, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, bai ƙara ba. Ta ciro takardar ta ajiye kusa da farantinsa.

"Mene ne?"

"Abin da ka ce in rubuta."

Ya wanke hannu, ya goge a wandonsa, ya zauna. Ba mai saurin karatu ba ne, yana bin layi da yatsa, leɓensa na motsi. Ta shiga kicin ta ɗora ruwan zafi, ta dawo, yana nan a tsakiyar shafin. Da ya kai ƙarshe bai ɗago ba.

"Kin ce tana dafa bango," in ji shi.

"Eh."

"Ta saki bango. Ranar kina makaranta, a shagona. Daga benci zuwa ƙofa, ita kaɗai. Na ce zan bari ta yi miki da kanta ki gani, sai ciwon ya zo."

Ƙarama ta zauna a hannun kujera.

"Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Ban taɓa ba."

Ya miƙa hannu kan teburin, cikin littattafan ɗansu, ya laluba ya samo fensir.

"In gyara?"

"Gyara," in ji ta.